Ranar da Injin Wanki Ya Tokare Ƙofa

Injin wankinmu na hannu ne, irin waɗanda ake shigowa da su bayan wasu sun gama cin moriyarsu a ƙasashen waje. Fari ne, mai zagayayyiyar ƙofa ta gilashi a gaba, ga nauyin tsiya. Ranar da maigidana ya kawo shi daga kasuwa sai da ƙartin unguwa suka taru suna nishi kafin ya shiga gida. Aka rasa inda za a ajiye shi sai banɗakin cikin gida, don nan ne kawai famfo da soket suka haɗu. Aka jingina shi da bangon da ke kallon ƙofa, aka ajiye bakin tiyon da yake zubar da ruwa a ƙasa.

Maginin da ya yi banɗakin nan ya yi aikinsa yadda ake yi. Ya shimfiɗa tayil da ɗan gangare domin ruwa ya riƙa bi yana faɗawa magudana, magudanar kuwa tana lungun bayan ƙofa. Ido ba ya ganin gangaren, amma injin ya san da shi tun ranar farko. Ƙafafu huɗu gare shi, uku suna ƙasa, ɗaya tana lilo. In yana wanki lafiya lau yake juyawa a hankali, sai ya zo matsar kaya ne yake tashi da gudu, ya hau rawar jiki yana buga ƙafar nan da tayil. Maigidana ya naɗe kwalin sabulu ya cusa a ƙarƙashinta, ya kakkaɓe hannu yana kallona kamar wanda ya gina gada. Kwalin ya sha ruwa ya laushe, aka sa wani, shi ma ya bi sahu. Wani lokaci in na shiga kwashe kaya sai in tarar injin ya matso kamar taki guda ya karkace. In sa ƙugu in tura shi mazauninsa ina yi masa faɗa, daga nan in manta.

A shekarar ne aka kawo mana surukina. Bafulatani ne na rugar da ke bayan Zungur, dogo, siriri, ya yi rayuwarsa yana bin shanu. Hawan jini ya shanye masa ɓarin hagu, hannu da ƙafa, ga ciwon suga da asibiti suka gano a kan hanya. Da ya ɗan farfaɗo yana iya jan ƙafar da sanda, amma likita ya ce ba ya jin komai a cikinta, ko ƙaya ya taka ba zai sani ba, kuma ƙaramin ciwo a ƙafar mai suga in aka bar shi yana iya cin ƙafar, ya ci mai ita. Ni aka yi wa wannan bayani, don ni ce a gida. Maigidana hatsi yake sayarwa a kasuwar Muda Lawal, in ya fita da safe sai magariba.

Baffa muke kiransa. Ni 'yar cikin gari ce, a gidanmu magana muke yi har a gaji da mu, amma a gaban mutumin nan bakina mutuwa yake. Da safe zan durƙusa daga bakin ƙofa in gaishe shi, ya amsa yana kallon bango. In ajiye kwano in fita, don ba zai taɓa kai loma baki ina wurin ba. Ko ɗansa, da yake ɗan fari ne, bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce «wancan». Ni kuwa ban ma san me yake kirana ba, don bai taɓa kirana ba.

Masai na tsakar gida na tsuguno ne, ƙafarsa ba za ta iya ba, dole ya riƙa shiga na ciki mai wurin zama. Wannan ya fi ciwon damunsa. Ba zai tashi zuwa banɗaki ina gani ba ko da zai fashe. Da na gane haka, sai in na ji ƙwas ɗin sandarsa a bakin ƙofarsa in ɗauki wata hidima in shige kicin, in daɗe ina kwaramniya da tukwane har ya shiga ya fito. Ba mu taɓa yin shawarar wannan tsari ba, amma kullum a kansa muke.

Akwai kuma maganar bargo. Wani dare fitsari yakan kufce masa. Na samo leda mai kauri irin ta asibiti na shimfiɗa a kan katifarsa ba tare da na ce komai ba, shi ma bai ce ba. Duk ranar da abin ya faru sai ya naɗe bargon da ledar wuri ɗaya ya tura bayan ƙofarsa, ni kuma in ɗauka kamar na tsinci kayan wani. Sai in zuba ruwa in kawar da najasar, sannan in sa a inji. Kuma shi kaɗai nake sawa. Ta yaya zan haɗa bargon surukina da zannuwana su yi ta juyawa tare? Ko kayan ɗansa ba na haɗawa, kada ya zo neman rigarsa ya ga abin da uban ba ya so ya gani. Ina lura cewa ranar wankin bargo injin ya fi hauka, amma na ɗauka nauyi ne kawai ya yi masa yawa.

Ranar da abin ya faru damina ce, an kwana biyu ba wuta. Wajen hantsi fanka ta motsa, na tashi da sauri, don wutar unguwarmu ba ta sallama in za ta tafi. Yara suna makaranta. Na cusa bargo da leda, na zuba omo, na kunna, na fito. Wankin yana ɗaukar lokaci mai tsawo kafin ya kai ga matsa. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa na ji ƙwas, ƙwas. Jikina da kansa ya tashi ya shige kicin. Ko a raina ban kawo cewa injin ya kusa gama ɗauraya ba.

Ina kicin na ji ya fara zuƙe ruwa, sannan ya ɗauki gudu. Na san ƙarar da ya saba yi, wannan ba ita ba ce. Bugu ne mai nauyi, dum, dum, dum, kamar ana daka a cikin ɗaki, har kwanukan da ke kan kanta suna amsawa. Sai ƙarar ƙarfe yana gogar tayil. Sai wani abu ya faɗi, na ji sanda ta gangara. Bayan haka sai ƙofar banɗaki ta hau kaɗawa, ana dukanta daga ciki.

Na zo a guje na tura ƙofar. Baffa ba ya sa sakata, hannunsa ba ya iyawa, amma ƙofar ta buɗe kamar faɗin yatsu uku ta tsaya cik. Ta tsagar na ga farin gefen injin yana tsalle a jikin katakon. Ya baro bangonsa, ya biyo gangaren, ya zo ya tokare ƙofar. Ruwa mai santsin omo yana malalowa ta ƙarƙashi yana jiƙa min ƙafa. Soket ɗin yana ciki, hannuna ba zai kai ba. Sai na tuna ruwa ne a ƙasa, ga waya, ga mutum. Na ruga zaure na ja babban makunnin wutar gidan ƙasa da hannu biyu.

Injin bai tsaya nan take ba. Ya ci gaba da juyawa yana rage gudu, kuma da ya zo ƙasa-ƙasa sai ya yi wata girgiza mai ƙarfi, ya daki ƙofar har sau biyu, sannan ya yi shiru. Shirun nan ya fi ƙarar ba ni tsoro.

Na koma bakin ƙofar. Na ce, «Baffa?»

Sai na ji gyaran murya. Haka ake yi, mutum ba ya magana a banɗaki, in an taɓa ƙofa sai ya yi gyaran murya a san da mutum. Amma wannan daga ƙasa ya fito, kusa da tayil, ba daga inda mai zama yake ba. Na tambaye shi ko ya faɗi, ya sake gyaran murya. Na tambaye shi ko ya ji ciwo, ko zai iya tashi, amsar dai ita ce. Wallahi a lokacin nan har haushinsa na ji. Mutum yana kwance a cikin ruwa, ana tambayarsa ko yana da rai, shi kuwa ladabi yake yi.

Na sa kafaɗa zan tura ƙofar da ƙarfi, sai wani abu ya tsayar da ni. Ban san inda yake kwance ba. In na tura ƙofa injin zan tura, kuma ban san a kan me zai hau ba. Ƙarti ne suka ɗauko shi babu komai a cikinsa, yanzu kuwa ga jiƙaƙƙen bargo. Na kira maigidana a waya ta yi ta ringi, na san tana aljihun rigar da ya rataye a rumfa, shi yana can cikin buhuna da hayaniyar masu awo. Na sake kira, na sake. Na dawo bakin ƙofa na ce Baffa, wannan karon ko gyaran muryar babu.

Na leƙa ta katanga na ƙwala wa maƙwabciyata kira. Dattijuwa ce, mijinta tsohon soja ne da ya gama aiki a barikin Shadawanka suka zauna a unguwarmu. Mama muke ce mata, Hausarta ta bariki ce, namiji da mace duk ɗaya ne a bakinta. Mijin ba ya nan, mazan layin duk sun fita nema. Ta shigo tana ɗaura zani, ta leƙa tsagar, ita ma ba ta ga komai ba sai farin ƙarfe. Ta ce a nemo kafinta ya cire ƙofar. Na nuna mata cewa maƙalan ƙofar ta ciki suke, kuma in aka ce fasawa za a yi, a kansa katakon zai zuba.

Ta ce, «To ke je ka duba ta taga. Ni ba zan iya hawa ba, gwiwa ya mutu.»

Na san da tagar tun kafin ta faɗa. Ƙarama ce, tana can sama ta bayan gida, da sandunan ƙarfe a jikinta. Tun da na ja makunnin wuta take raina, ina ture ta. Mutumin da ba ya cin abinci a gabana, shi zan leƙa a banɗaki. Na san in na yi haka akwai abin da zai karye tsakaninmu wanda ba mai ɗora shi. Amma na fi tsoron maigidana ya dawo da magariba in ce masa ubansa ya mutu a bayan ƙofa ina tsaye ina jin kunya.

Na mirgina turmi zuwa bayan gida, na kife shi a cikin taɓo, na hau. Turmin yana rawa. Na kama ƙarfen tagar na leƙa.

Yana kwance a kan ɓarinsa na hagu, kansa a jingine da bango, hularsa tana cikin ruwa. Wandonsa yana gwiwa. Da alama da ya ga injin ya nufo shi ya yunƙura zai tashi, santsi ya kwashe shi. Idonsa biyu, yana numfashi da baki. Injin ya juya a karkace, kusurwarsa ɗaya a jikin ƙofa, ɗayar kuma ta matse ƙafarsa ta hagu da gindin masai. Gefen ƙarfen na ƙasa, inda ya yi tsatsa, ya yanke shi a ƙwauri, doguwar yanka, jini yana fita a hankali yana bin ruwa zuwa magudana. Shi bai ma san da ita ba. Da na tura ƙofar nan da ƙarfina, da ƙashin zan karya.

Inuwata ta faɗa a kansa, ya ɗago. Muka haɗa ido, karo na farko tun da aka kawo ni gidan ɗansa. Ya kai hannunsa mai lafiya ya ja bakin rigarsa ƙasa, rigar ba ta kai ba. Sai ya rufe idonsa ya juya fuska bango. Na ga gemunsa yana rawa. Ban taɓa jin tausayin mutum da tsoronsa a lokaci ɗaya irin na ranar ba.

Na sauka na kunce igiyar shanya, na dawo na zura ta tsakanin ƙarafan har ta sauka a kan cinyarsa. Na yi magana da muryar da nake yi wa yarana, don ita kaɗai ta rage min.

«Baffa, ƙafarka ta hagu ta maƙale. Ka ɗaura igiyar nan a idon sawun, zan ja ta sama. In ba ta fita ba, ba za mu iya buɗe ƙofa ba.»

Ya daɗe bai motsa ba, har na ɗauka ba zai yi ba. Sannan ya lalubi igiyar ba tare da ya buɗe ido sosai ba. Da hannu ɗaya da haƙori ya yi mata zarge irin wanda ake yi wa maraƙi, ya tanƙwara jikinsa da ƙyar ya zura ta ta kan yatsun ƙafar har ta zauna a idon sawu. Na ja. Ƙafar ba ta motsa ba, igiyar tana cin tafin hannuna. Na ce wa Mama ta ja ƙofar ta rufe ta ruf, ko injin zai sami ɗan sarari. Da yake ƙafarsa ɗaya ba ta taka ƙasa, da ƙofar ta sake shi sai ya ɗan gyaɗa zuwa wancan gefen. Na sake ja da dukan nauyina, ƙafar ta zame ta fito sama, tana lilo kamar ba ta mutum ba. Ya kama ta da hannu ya jawo ta jikinsa.

Na zagayo, ni da Mama muka sa kafaɗa. Santsin omon da ya kayar da shi ya taimake mu, injin ya riƙa ja da baya kaɗan-kaɗan yana kuka a kan tayil, har aka sami hanyar da mutum zai ratsa. Ban shiga ba. Na miƙa wa Mama zani ta shiga, ni na koma kicin. Kafin ta kai gare shi ya riga ya ja wandonsa ya ɗaure. Ina ji tana ta yi masa sannu da Hausarta, ta tallafe shi har ɗakinsa. Da ta fito ta ce min tsoho ƙarfi gare shi, ko ƙwarzane bai yi ba. Wandon baƙi ne kuma a jiƙe, idonta kuma ba na da ba ne.

Na zauna a ƙasan kicin na yi kuka mai isata. Daga baya na tashi na buɗe injin, don makullin ƙofarsa yakan saki in wuta ta ɗan jima da yankewa. Bargon ya dunƙule wuri guda ya manne a gefe ɗaya na tukunyar injin, ledar kuma ta naɗe a cikinsa ta zama jaka cike da ruwa. Da ƙyar na jawo shi. Na kai bayan gida na shanya inda ba mai gani.

Sai bayan azahar maigidana ya ga kiran. Ya iso hankali a tashe, ya shiga wurin uban, suka yi 'yar magana da Fulatanci, ya fito da sauƙi a fuskarsa. Ya ce Baffa ya ce ba abin da ya same shi, ƙofa ce kawai ta ƙi buɗuwa, ya zauna ya jira har aka buɗe. Sai maigidana ya juya fushinsa kan injin, ya fita ya dawo da mai gyara.

Mai gyaran ya dafa kusurwa biyu masu kallon juna ya gyaɗa injin, ya ji ƙwas-ƙwas, ya sa yatsa ya zaro ragowar kwalin ya jefar. Ya nuna mana cewa ƙafafun a murɗe suke, kowace da noti a samanta. Suka mayar da injin mazauninsa, ya sa sifana ya sassauta notin ƙafar da ke lilo, ya murɗo ta ƙasa har ta taka tayil sosai. Ya ɗora faranti da ruwa a kai yana duban inda ruwan ya karkata, ya ƙara wa ƙafafun gaba tsawo saboda gangaren, har ruwan ya kwanta daidai. Sannan ya ɗaure kowane noti ya matse shi da jikin injin, ya ce in ba a ɗaure ba girgiza za ta sake kwance su. Ya sake gyaɗawa, ko motsi. Ya ce a kai bakin tiyon cikin magudana, ƙasa ta zauna a bushe, don roba ba ta kama jiƙaƙƙen tayil.

Sai ya tambaye ni abin da na sa a ciki. Na ce bargo ɗaya da ledar gado. Ya girgiza kai. Ya ce abu ɗaya mai nauyi in ya sha ruwa gefe guda yake taruwa, tukunya kuma in ta ɗauki gudu da nauyi a gefe ɗaya dole ta yi ta fizgar injin duka, sababbi sukan ji su rage gudu, irin wannan tsohon kuwa ba ruwansa. Ya ce in zan wanke bargo in haɗa shi da manyan tawul su raba nauyin, leda kuwa kada ta ƙara shiga, ruwa ba ya ratsa ta, da hannu ake wanke ta. Maigidana ya ce ledar wa. Na ce ta autanmu ce. Ƙofar Baffa a buɗe take, na san yana ji.

Da mai gyaran ya tafi, na tsaya a tsakar gida ina kallon ɗakin Baffa. Ya ba ni hanya, na gane. Shi bai faɗi ba, ni ban hau turmi ba, gobe in durƙusa in gaishe shi ya amsa yana kallon bango, mu ci gaba. Har ga Allah na so in karɓa. Amma yankar tana nan a ƙarƙashin wandon, tsatsa ce ta yi ta, a cikin ruwan banɗaki, a ƙafar da ba ta jin zafi balle ta tuna masa. Ko ya gan ta da ya canja kaya, na san ba zai nuna wa kowa ba, toka zai shafa ya rufe. Ni kaɗai na san da ita, kuma ba yadda zan faɗa ba tare da na faɗi ta inda na gani ba.

Na yi la'asar ban san abin da na karanta ba. Da na sallame na je na tsaya a bakin ƙofarsa, maigidana yana zaune a ciki a ƙasa. Ban durƙusa ba, don na san in na durƙusa ba zan iya ba.

Na ce, «Baffa ya faɗi. Akwai yanka a ƙwaurinsa na hagu, ƙarfen injin ne. A kai shi asibiti yau.»

Maigidana ya dube ni, ya dubi uban. Ya ce, «Ke ya aka yi kika sani?»

«Ta taga na leƙa. Na gani.»

Baffa yana kallon bango. Maigidana ya matsa a hankali ya ɗaga ƙafar wandon, uban bai hana shi ba. Ya ɗaure wurin da tsumman tsohon rawani, tsumman ya riga ya jiƙe ya yi baƙi.

A asibiti suka wanke, suka yi masa allura, suka ɗinke. Ma'aikaciyar ta ce Allah ya taimaka da aka zo da wuri. Ciwon ya daɗe bai rufe ba, kamar yadda na masu suga yake yi, kullum maigidana yana kai shi wankin ciwo kafin ya wuce kasuwa. A makonnin nan an juya ƙofar banɗaki ta koma buɗewa ta waje, injin kuma bai ƙara gusawa ko da yatsa ba. Ina gaishe da Baffa kowace safiya, yana amsawa yadda ya saba, ba ƙari ba ragi. Amma ban ƙara samun bargo a bayan ƙofa ba. Na gano ya rage shan ruwa tun daga la'asar, har leɓensa yana tsagewa, wannan ma na kai ƙara, aka yi masa faɗa.

Ranar da aka cire bandeji na ƙarshe ya ce wa ɗansa a mai da shi ruga. Maigidana ya roƙe shi, ƙannensa suka zo suka roƙe shi, aka ce can ba asibiti, ba mai auna masa suga. Ya ce ya ji. Da safe aka kawo mota, na haɗa magungunansa ina nuna wa ƙanin maigidana na safe da na dare, ko da yake na san rabinsu a cikin jaka za su ƙare.

Ya fito da sandarsa yana jan ƙafar. Na durƙusa a bakin zaure. Ya zo daidai inda nake ya tsaya, bai kalle ni ba, titi yake kallo.

Ya ce, «'Yata, kin yi daidai. Allah ya yi miki albarka.»

Na ce, «To ka zauna mana, Baffa.»

Ya ce, «Ba zan iya ba.»

Aka kama shi aka sa a mota. Ya yi shekara biyu a ruga da ƙafafunsa duka biyu kafin Allah ya karɓi abinsa. Duk sallah muna zuwa gaishe shi, in ya shigo gari ganin likita kuma yakan tsaya a ƙofar gida yara su fita su gaishe shi a cikin mota. Bai sake taka zaurenmu ba.